Ma'anar cusa kalmomi da farin rubutu a takardar neman aiki

Cusa kalmomi shi ne mai neman aiki ya tsinto kalmomin da ke cikin sanarwar aiki ya yi ta maimaita su a takardar tarihin aikinsa, wadda a nan Saudiyya ake kira sira zatiyya, ba tare da ya nuna inda ya yi aiki da su ba. Farin rubutu kuwa shi ne ya mayar da launin kalmomin fari a kan farin shafi, ya ƙanƙanta harafin zuwa lamba 1, da nufin na'ura ta karanta amma idon mutum ya wuce.

Dabarar ta samo asali ne daga manhajar tace takardu da ake kira ATS, irin su Workday da Taleo, wadda manyan kamfanoni ke karɓar takardu da ita, jami'in ɗaukar ma'aikata kuma ya lalubo mutane ta hanyar buga kalma. Abin da masu wannan wayo ba su lura da shi ba shi ne, manhajar tana zare rubutun ne daga fayil ɗin ta watsar da launi da girman harafi, saboda haka abin da aka ɓoye yana iya fitowa baƙi ƙirin a gaban jami'in.

A ɗauka wani kamfani a Jidda yana neman akanta da ya iya manhajar tafiyar da harkokin kamfani ta SAP da lissafin harajin VAT, wanda ya koma kashi 15 cikin ɗari a shekarar 2020. Wani matashi da bai taɓa buɗe SAP ba sai ya rubuta sunan sau ashirin da fari a ƙasan shafi. Sunansa zai iya fitowa a bincike, amma sau ɗaya ma ya isa hakan, domin binciken da aka saba yi yana duba ko kalmar tana nan ne ko babu. Sababbin manhajoji kuma suna ƙoƙarin danganta kowace ƙwarewa da wurin aiki da shekarun da aka yi a can, don haka kalmar da ke tsaye ita kaɗai ba ta da nauyi sosai.

A ganina hukuncin da ya fi zafi daga hannun mutum yake zuwa. Jami'in da ya ga fili a ƙasan shafi ya yi zargi, danna Ctrl+A kawai zai yi, sai rubutun ya bayyana, ko da fayil ɗin PDF ne. Daga nan batun ya koma na amana, kuma babu mai damƙa kuɗin kamfani ga wanda ya fara da ha'inci. Bayanin da jami'in ya rubuta a kan mai neman aikin yakan zauna a manhajar, wanda ya buɗe sunansa a wani neman na gaba ya tarar da shi.

Amfani da kalmomin sanarwa ba laifi ba ne idan gaskiya ne. Wanda ya iya aikin sai ya rubuta a fili cewa ya shirya bayanan VAT na kowane wata uku ya miƙa wa hukumar harajin Saudiyya ta ZATCA daga 2021 zuwa 2023, ta yadda zai iya kare maganar idan aka tambaye shi a intabiyu.