Naira dubu 250 a takarda, dubu 171 a alat: ina sauran suka shiga?

"Ina aiki a wani kamfani a Kano. Takardar albashina ta nuna 250,000, amma 171,775 ke shigo min. Na tambayi akawu, ya ce haraji ne da fansho. Ga takardar, a duba min."

```
Basic       100,000    Pension   36,000
Housing      60,000    NHF        2,500
Transport    40,000    PAYE      24,725
Others       50,000    Coop      15,000
Gross Pay   250,000    Net Pay  171,775
```

Malam, akawunka bai yi ƙarya ba, amma bai faɗa maka duka ba. Layi ɗaya ne ke da matsala a nan, kuma yana cin maka dubu 20 duk wata.

Fara da ɓangaren hagu, wato abin da aka ba ka. Basic shi ne tushen albashi, Housing kuɗin gida, Transport kuɗin mota, Others kuma ƙananan alawus da aka dunƙule wuri ɗaya. Idan ka tara su za ka samu 250,000, shi ne Gross Pay, kuɗinka kafin a taɓa komai. Galibin ma'aikata tsallake wannan ɓangaren suke yi, ido na kan lambar ƙarshe. Alhali yadda aka rarraba albashin shi ke nuna nawa ya kamata a cire, don ba kowane kaso ake ɗauka daga jimla ba.

Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci zai bayar da kashi 8 cikin ɗari, mai kamfani kuma ya ɗora aƙalla kashi 10 daga aljihunsa. Ana lissafin ne a kan abin da kwantiragin aiki ya ayyana, sai dai bai halatta ya gaza tushen albashi da kuɗin gida da kuɗin mota a haɗe ba. Naka ukun sun kama 200,000. Kashi 8 na wannan 16,000 ne, kashi 10 kuma 20,000. To tara su ka gani: 36,000, daidai lambar da ke takardarka. Ke nan naka da na kamfani duk a wuyanka aka rataya. Ko da a ce kwantiraginka ya ce a lissafa da dukkan 250,000 ɗin, kasonka ba zai wuce 20,000 ba. Babu laifi idan an rubuta kason kamfani a gefe don a nuna maka an biya. Laifin shi ne ya shiga cikin abin da aka debe. Da an yi daidai, 191,775 za ka riƙa gani.

"To harajin fa? Ni gani nake ya yi yawa."

Ya yi ciwo, amma lissafinsa daidai ne. PAYE harajin albashi ne da kamfani ke cirewa ya kai wa hukumar harajin jihar da kake zaune, kai naka na KIRS ne, hukumar harajin jihar Kano. Da shekara ake lissafa shi, sannan a raba gida 12.

Albashinka na shekara miliyan 3 ne. Kafin a ɗora haraji ana fitar da fanshonka na shekara, 192,000, da NHF, wato asusun gidaje, 30,000, ya rage 2,778,000. A sabuwar dokar haraji da ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, dubu 800 na farko babu haraji a kansu. Daga nan har zuwa miliyan 3 kashi 15 ne, abin da ya haura kuma ya shiga kashi 18. Kai ba ka kai can ba. Cire 800,000, saura 1,978,000. Kashi 15 nasa 296,700, a raba 12, ya ba da 24,725.

Ka lura da wani abu: wanda ya lissafa harajin nan da 16,000 ya yi aiki a matsayin fanshonka. Takardar da kanta ta ba da shaida a kan layin sama.

Akwai kuma rangwamen da ba ka karɓa ba idan gidan haya kake. Dokar ta yarda a rage kashi 20 na kuɗin hayar shekara daga abin da za a caji haraji a kai, iyakarsa 500,000. Idan kana biyan 400,000, za a rage 80,000, harajinka ya sauka da naira 1,000 duk wata. Ba ya zuwa da kansa, sai ka kai rasit ko yarjejeniyar haya. Na san a garuruwanmu haya da yawa da baki ake ƙulla ta, a gaban dillali, shi ke nan. Ka nemi mai gida ya rubuta maka.

"NHF ɗin nan ban taɓa cika fom ɗinsa ba."

Asusun gidaje ne na ƙasa, kashi 2.5, yana tafiya FMBN, bankin rancen gidaje na tarayya. A takardarka daga tushen albashi aka ɗauka, 2,500. Tun gyaran dokar da aka yi a 2023, ma'aikacin kamfani mai zaman kansa yana da zaɓin shiga ko ƙin shiga. Idan kana so a ci gaba, nemi lambar rajistarka. In babu lamba, ka tambayi asusun da kuɗin ke faɗawa.

"Waɗanne abubuwa ne bai kamata in gani a ɓangaren cirewa ba?"

NSITF da ITF. Na farko na diyyar ma'aikaci ne idan ya ji rauni a bakin aiki, na biyu na horar da ma'aikata. Kowanne kashi 1 ne, kuma kamfani ke biya, ba kai ba.

Sai bashin da ya ƙare amma bai daina fita ba. Wannan yana yawan faruwa, kuma sau tari mantuwa ce: an saka umarnin cirewa a kwamfuta, ba wanda ya koma ya tsayar. Layin Coop ɗinka, na ƙungiyar adashen ma'aikata, idan rance ne na 180,000 da ake cire 15,000, wata 12 ya kamata ya yi. Ka san watan da aka fara, ka ƙirga da yatsa. Idan kuma ajiya ce kake zubawa, karɓi katinka wajen sakataren ƙungiya ka gwada da takardun albashi.

Hanya mafi sauƙi ta kama kuskure ita ce ka ajiye takardar watan jiya kusa da ta wannan watan. Duk layin da ya motsa alhali albashinka bai motsa ba, yana buƙatar bayani. Watan da aka biya ka ariyas ko garaɓasa, haraji zai ɗaga, wannan ba abin tayar da hankali ba ne, muddin ya koma yadda yake a wata mai zuwa.

"Yanzu me zan yi?"

Kafin ka je wajen kowa, nemi bayanin asusunka daga kamfanin fanshonka, wato PFA, ka ga nawa ke shiga. Doka ta ba mai kamfani kwana 7 na aiki bayan biyan albashi ya tura kuɗin. Idan 36,000 ke shiga duk wata, to kason kamfani ne kai ke biya. Idan 56,000 ne, kamfani ya zuba nasa, an dai cire maka fiye da kima. Idan kuwa babu abin da ke shiga, matsalar ta fi ta takarda girma.

Daga nan ka rubuta wa sashen albashi takarda, kar ka tsaya a maganar baki. Sa lissafin a layi uku, ka haɗa kwafin takardun albashin duk watannin da abin ya shafa, ka nemi a gyara kuma a dawo maka da na baya: wata shida kaɗai 120,000 ne. Riƙe kwafi ɗaya da aka buga wa hatimin karɓa. In an yi shiru, ka kai wa PenCom, hukumar da ke kula da fansho, tare da wannan kwafin da lambar asusun fanshonka.