Aikin da nas za ta iya miƙa wa mataimaki da wanda ba ya barin hannunta

A Amurka kowace jiha tana da dokarta ta aikin jinya, kuma ita ce ke fayyace abin da nas mai lasisi za ta iya ɗora wa mataimakin da ba shi da lasisi. Saboda dokokin sun sha bamban, majalisar da ta haɗa hukumomin aikin jinya na jihohin ƙasar ta fitar da ƙa'idoji na bai ɗaya a 2016, sannan a 2019 ta sake fitar da su tare da ƙungiyar ma'aikatan jinya ta ƙasar. Ƙa'idojin ba su maye gurbin dokar jiha ba, amma sun tsayar da magana guda: ana iya miƙa aikin hannu, ba a miƙa hukuncin da nas ke yankewa da iliminta.

Abin nufi shi ne tantance halin majinyaci, da tsara yadda za a yi jinyarsa, da duba ko abin da aka yi ya yi amfani, duk suna wuyan nas. Mataimaki kuwa yana iya yi wa majinyaci wanka, ya juya shi a kan gado, ya taimaka masa ya taka, ya auna zafin jikinsa da hawan jininsa, ya rubuta yawan ruwan da ya sha da fitsarin da ya yi. Yana iya karanta lamba a jikin na'ura, amma fassara abin da lambar ke nufi ga wannan majinyacin aikin nas ne.

Kafin ta miƙa aiki ana so nas ta tabbatar da abubuwa biyar, wato dacewar aikin, da halin majinyacin, da ƙwarewar wanda za a ba, da cikar umarnin, da kuma sa ido daga baya. Na biyun, wato halin majinyacin, yana iya sa a yi tuntuɓe, domin aiki ɗaya yana iya halatta a kan wannan gado ya haramta a kan na kusa da shi.

A ɗauki misalin nas mai majinyata biyu da ake bukatar awon hawan jininsu. Na farko an yi masa tiyata kwana uku da suka wuce, yana cin abinci, yana tafiya, awonsa bai sauya ba tun jiya, don haka babu laifi mataimaki ya auna shi. Na biyu yanzu aka jona masa ledar ƙarin jini. Idan jiki zai ƙi jinin da aka saka masa, alamu masu haɗari sukan fara bayyana a mintuna 15 na farko: rawar sanyi, zazzaɓi, ciwon baya, wahalar numfashi ko faɗuwar awon jini. Wanda ke bakin gadon a lokacin dole ya zama wanda zai gane alamar ya tsayar da ƙarin jinin nan take, saboda haka nas ce za ta tsaya. Haka abin yake ga ciyarwa: mataimaki yana iya ba majinyaci abinci, amma ba wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki kuma ba a riga an gwada haɗiyarsa ba, domin abinci yana iya bi ta hanyar numfashi ya sauka a huhu.

Ko a kan majinyaci na farko, cewa "je ka auna shi" bai wadatar ba. Umarni cikakke yakan zo kamar haka: "Auna wanda ke gado na huɗu da ƙarfe 10, idan lambar sama ta awon hawan jini ta gaza 100 ko bugun zuciya ya haura 110, ka kira ni a take, kada ka jira ka gama zagaye." Da wannan nas ta riƙe hukuncin a hannunta, domin ita ce ta zana iyakar. Idan ba ta faɗi iyaka ba, mataimaki ya rubuta 88 a takarda ya wuce, ba a gani ba sai bayan awa biyu, to gazawar ta fara ne daga umarnin, kuma a ganina rashin adalci ne a ɗora wa mataimakin laifin shi kaɗai.

Mataimaki ma yana da nasa nauyin. Zai amsa tambaya kan yadda ya yi aikin da ya karɓa, wajibi ne ya ƙi karɓar abin da ba a horar da shi a kai ba, kuma ba shi da ikon miƙa aikin ga wani. Ita kuwa nas, alhakin majinyacin bai bar kanta ba, sai ta koma ta duba sakamakon, kuma idan halin majinyacin ya sauya a tsakiyar aiki, sai ta sake tantance shi ta ga ko miƙawar tana nan daram ko za ta karɓe aikin.