Abin da sa hannun uwaye ke nufi a takardar yawon buɗe ido ta makaranta

Idan yaro ya dawo gida a unguwar Nima ko Mamobi a Accra da takarda cewa ajinsu za su je dajin Kakum da tsohuwar ganuwar Cape Coast, yawancin uwaye kuɗin mota kawai suke dubawa, su sa hannu, su mayar. Alhali ita wannan takarda tana da nauyi a gaban doka. Dokar Yara ta Ghana ta shekarar 1998, wato doka mai lamba 560, ta ce duk wanda bai kai shekara 18 ba yaro ne, saboda haka amincewarsa ba ta isa a ɗauke shi a yi tafiya da shi ba, sai uwa ko uba ko mai riƙonsa ya yarda. Shirun uwaye ba izini ba ne, kuma cewar yaro "Baba ya ce in je" ba ta maye gurbin sa hannu.

Abin da ake yawan kuskurewa shi ne zaton cewa da zarar an sa hannu makaranta ta wanke hannunta. Iznin yana nufin ka yarda da tafiyar da aka bayyana maka, a ranar da aka faɗa, zuwa wurin da aka ambata. Alhakin kula da yaron yana nan a wuyan malamai tun daga hawa mota har zuwa dawowa, kuma idan sakaci ya jawo ɓarna, wannan takarda ba za ta kāre kowa ba. Daga nan ne wani sharaɗi ya fito: idan an rubuta Kakum, babu hurumin da malami yake da shi na karkata da yara bakin teku su yi wanka don an ga sauran lokaci. Ita ma makarantar da ke ƙarƙashin Hukumar Ilimi ta Ghana sai ta nemi izni daga ofishin ilimi na gundumarta kafin ta fita da yara, kuma ba rashin kunya ba ne uba ya tambayi shugaban makaranta ko an samu wannan iznin.

Wanda yake ganin an cika tsanantawa ya tuna da watan Maris na 2017, lokacin da guguwa ta kayar da bishiya a kan masu wanka a magangarar ruwan Kintampo, mutum kusan 20 suka rasu, akasarinsu ɗalibai. Shi ya sa takarda mai kyau take faɗin lokacin tashi da na dawowa, da malamai nawa za su raka yara nawa, da lambar wayar malamin da ke cikin motar, da abin da za a yi idan hadari ya taso.

Akwai gurbi ɗaya da nake roƙon uwaye kada su bar shi fayau, wato na lafiyar yaro. A ce yarinya ce mai shekara 11 da ke da asma. Daga Accra zuwa Cape Coast tafiyar kimanin awa uku ce idan hanya ta yi kyau, sannan kafin a kai gadar igiya ta Kakum, wadda tsayinta daga ƙasa ya kai mita 40 a wasu wurare, sai an hau tudu a cikin daji mai laima. Idan uwarta ta ɓoye ciwon don kada a hana ta zuwa, malamin ba zai san dalilin hakinta ba sai abin ya yi nisa. Daidai shi ne a rubuta ciwon, a danƙa wa malami maganin shaƙarta da bayanin yadda ake amfani da shi, a haɗa da katin inshorar lafiya wanda bai ƙare aiki ba. Haka ma mai sikila ko farfaɗiya.

Batun tufafi gajere ne. Ana sa yara kayan makaranta ne don a gane su cikin taron jama'a. Takalmi ya zama rufaffe, domin silifa tana santsi a kan katakon gada, hijabi kuma ya zama gajere wanda ba zai maƙale a igiya ba.

Abincin rana ya fi bukatar lura. Waake da miya da dafaffen ƙwai da aka zuba a roba tun asuba, suka wuni a mota mai zafi, kafin azahar suna iya juyawa, kuma ba kullum wari ke nunawa ba. Dokunu da soyayyen kifi da shito sun fi jimiri, haka burodi da ayaba. Idan makaranta ce za ta sayi abinci a hanya, uwaye Musulmi su rubuta a takardar cewa ɗansu halal kawai yake ci, su kuma ambaci duk abin da jikinsa ba ya karɓa, kamar gyaɗa ko ƙaguwa, tun kafin ranar tafiya.