Ƙa'idar domen da wa'adinsa ya ƙare: kwana nawa mai shi yake da su kafin ya rasa shi?

Duk lokacin da shafin intanet na wata makaranta ko wani kamfani a nan Jos ya daina buɗewa, imel ɗinsu kuma ya tsaya a rana ɗaya, maganar da ta fi saurin yaɗuwa ita ce an yi musu kutse, ko kuwa yaron da ya haɗa musu shafin ya ci amanarsu. Sau da yawa ba ko ɗaya daga cikin biyun ba ne. Abin da ya faru shi ne wa'adin domen, wato sunan da ake rubutawa a shiga shafin, ya ƙare ba a sabunta ba. Domen haya ce ta shekara-shekara, kuma akwai rubutacciyar ƙa'ida a kan abin da zai biyo baya idan hayar ta ƙare.

Hukumar ICANN, mai kula da tsarin sunayen domen na duniya, ita ce ta kafa ƙa'idar, ana kiranta ERRP, ta kuma fara aiki ranar 31 ga Agusta 2013. Ta shafi sunayen da suka ƙare da .com, .net, .org da ire-irensu. Masu .ng da .com.ng suna ƙarƙashin NiRA ne, ƙungiyar da ke kula da domen na Najeriya, wadda take da nata tsarin, don haka kada su ɗauki kwanakin da za su zo a ƙasa a matsayin nasu, su tambayi kamfanin da ya yi musu rajista.

Da farko, tsayawar shafin ba mugunta ba ce daga kamfanin rajista, ƙa'idar ce ta wajabta masa. Dole ne ya katse hanyar da ke kai mutane ga shafin na aƙalla kwana takwas na ƙarshe a jere kafin ya goge sunan, domin mai shi ya farga tun da sauran dama. Kamfanoni da yawa ba sa jiran ƙarshen, suna katsewa tun a kwanakin farko. Idan suka sa shafin talla a madadin naka, wajibi ne a rubuta ƙarara cewa wa'adi ya ƙare, tare da bayanin yadda za a sabunta. Imel kuwa yana tsayawa ne saboda bayanan da ke nuna wa duniya inda za a kai wasiƙunka suna rataye ne a jikin domen ɗin. Hotuna da rubuce-rubucen shafin, da tsofaffin wasiƙu, suna nan a sabar da aka ajiye su, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin, muddin an biya kuɗinta, wanda sau da yawa lissafinsa daban ne da na domen.

Mu ɗauki misalin wata makaranta mai zaman kanta a hanyar Bauci, wadda domen ɗinta na .com zai ƙare ranar 10 ga Maris. Ƙa'ida ta ce a aika mata tunatarwa kusan wata guda kafin ranar, a sake aika wata kusan mako guda kafin ranar, sannan ta uku a cikin kwana biyar bayan wa'adin ya wuce. Daga 10 ga Maris, kamfanin rajista yana iya riƙe sunan har zuwa kwana 45, wato 24 ga Afrilu, kuma a wannan tsakani makarantar tana iya sabuntawa, galibi a kan farashin da ta saba ko da ɗan ƙari.

A nan ne mutane suka fi yin kuskure, domin sun ɗauka kwana 45 ɗin haƙƙinsu ne. Iyaka ce kawai da aka sa wa kamfanin, kuma yana da ikon goge sunan tun kafin ta cika. Wasu kamfanonin ma, bisa sharuɗɗan da mai rajista ya amince da su ba tare da ya karanta ba, suna sa sunan a gwanjo a cikin waɗannan kwanaki, idan wani ya saya kuwa sunan ba zai shiga matakin fansa ba. A ganina wannan shi ne babban giɓin ƙa'idar, domin ta tanadi kariya mai kyau, amma ta bar ƙofar da za a kewaye ta.

Idan an goge sunan ba a sayar ba, sai ya shiga kwana 30 na fansa. A misalinmu, in an goge shi ranar 24 ga Afrilu, makarantar tana da zuwa 24 ga Mayu. A wannan mataki ba a mayar da sunan zuwa wani kamfani, sai dai a fanshe shi ta hannun kamfanin da yake riƙe da shi, kuma kuɗin fansa yakan ninka kuɗin sabuntawa sau da yawa. Ƙa'idar ba ta ƙayyade kuɗin ba, ta dai ce a bayyana shi a fili. Bayan nan akwai kwana biyar da babu wanda zai iya taɓa sunan, daga nan sai a sake shi ga duk wanda ya riga, kuma akwai masu sana'ar jiran irin waɗannan sunaye.

Don sanin matakin da ake ciki, a shiga lookup.icann.org a rubuta sunan, ko a rubuta wannan umarni a Terminal na kwamfuta, a sa sunan domen ɗin a madadin example.com:

```
whois example.com
```

Idan aka ga autoRenewPeriod, sabuntawa ta yau da kullum tana iya wadatarwa. Idan aka ga redemptionPeriod, sai fansa. Idan pendingDelete ne shi kaɗai, lokaci ya ƙure. Akwai kuma abin da ke ruɗar mutane sosai: layin Registry Expiry Date yana iya nuna shekara mai zuwa alhali ba a biya ko kwabo ba, saboda ana ƙara shekarar ta wucin gadi ne, a janye ta idan an goge sunan. Kada akawun makaranta ya ga wannan kwanan wata ya ce ai an riga an biya.

Binciken zai nuna sunan kamfanin rajistar. A shiga asusun da ke can a biya, sannan a duba cewa adireshin sabobin suna, wato masu nuna wa duniya inda shafin da imel suke, waɗanda aka jera a ƙarƙashin Name Server, sun koma na asali ba na shafin talla ba. Shafin yakan dawo cikin 'yan awoyi, wani lokaci har kwana biyu. Wasiƙun da aka aiko lokacin tsayawar, wasu za su iso a makare, wasu kuwa sun koma ga masu su, don haka a sanar da iyaye da abokan hulɗa su sake aiko duk abin da ke da muhimmanci. Idan asusun yana hannun wanda ya haɗa shafin, a neme shi da lalama tun a ranar, domin a idon ƙa'ida wanda sunansa ke kan rajistar lokacin da wa'adi ya ƙare shi ne mai ikon sabuntawa, ba wanda ya ba da kuɗin ba. Idan kamfani ya hana mai rajista na gaskiya sabuntawa ko fansa, ana iya kai ƙara ga ICANN.

Game da hana maimaituwa, abu mafi muhimmanci shi ne a mayar da rajistar da sunan makarantar, asusun kuma ya kasance a hannun mutum fiye da ɗaya. Adireshin da ake aiko tunatarwa kada ya zama na domen ɗin kansa, domin ranar da ya tsaya, gargaɗin ƙarshe ba zai iso ba. A kunna sabuntawa ta kai tsaye, amma kada a dogara da ita, tunda katin banki yakan ƙare, ko banki ya ƙi biyan kuɗin waje da katin naira. Wanda yake da hali ya biya shekaru da yawa lokaci ɗaya, ana yarda har shekara goma, sannan a rubuta ranar ƙarewar a kalandar ofis kusa da ranar biyan kuɗin haya.