Lambar da ba ta fito ba: yadda 1 ke kama da 7, 0 ke kama da 6, da abin da ya kamata mai karatu ya yi

Yawancin bayanan da muke aiki da su a cibiyoyin lafiya lambobi ne da aka rubuta da hannu: nauyin yaro, zafin jiki, awon jini, yawan maganin da za a sha. Idan harafi ɗaya ya lalace a cikin kalma, sauran haruffan sukan nuna wa mai karatu abin da ake nufi, amma lamba ba ta da wannan gata, domin 110 da 170 dukkansu lambobi ne ingantattu, kuma babu abin da zai nuna a fuskarsu cewa ɗaya kuskure ce.

Rikicin 1 da 7 ya samo asali ne daga bambancin yadda aka koya wa mutane rubutu. Wasu suna rubuta 1 a matsayin sanda miƙaƙƙiya kawai, wasu kuma, musamman waɗanda suka yi karatu a tsarin Faransanci, suna fara ta da ɗan layi mai hawowa daga hagu kafin su sauko, sannan su ratsa 7 da gajeren layi a tsakiya don su bambanta su. Kowane tsari lafiya lau yake idan shi kaɗai ne. Matsalar tana tasowa ne idan mai rubutu yana bin wannan, mai karatu kuma ya saba da wancan, sai a ɗauki 1 mai dogon kai a matsayin 7. Gaggawa ma tana haifar da akasin haka, domin idan hannu yana sauri, layin saman 7 yakan gajarce ya karkata har ta koma kamar 1.

Shi kuwa rikicin 0 da 6 daga motsin hannu yake fitowa. Dukkansu ana fara su ne daga sama, a kewayo ta hagu, a sauko, sannan a juyo. Abin da ya raba su shi ne wurin da layin ya rufe: sifili yana rufewa a can sama inda aka fara, shida kuma tana rufewa a tsakiya. Idan mai sauri ya rufe sifili ƙasa da inda ya fara, sai wani ɗan wutsiya ya rage a sama, ga shida ta fito. Idan kuma cikin shida ya yi girma wuyanta ya gajarce, sai ta zama sifili. Biro mai yankewa, da ɗan akwatin fom da ya yi wa lambar kaɗan, da kwafin da aka ɗauka da kabon ko aka ɗauki hotonsa da waya, duk suna ƙara dagula lamarin, saboda siririn layin da ke bambanta lambobin shi ne yake fara ɓacewa.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. An kawo katin awon wani yaro ɗan wata 14. A watan jiya an rubuta nauyinsa kilo 9.8, kuma rubutun ya fito sarai. Na wannan watan kuwa lambarsa ta biyu tana iya zama 0 ko 6, ta ƙarshe kuma tana iya zama 1 ko 7, wato ana iya karanta shi 10.1 ko 10.7 ko 16.1 ko 16.7. Wannan bambanci yana da nauyi, domin ana lissafa farasitamol na yara ne a kan miligiram 15 ga kowane kilo a sha ɗaya: yaro mai kilo 10.1 zai sami kimanin miligiram 150, wanda aka ɗauka yana da kilo 16.7 kuwa za a ba shi kimanin 250.

Tambayar farko ita ce ko lambar tana yiwuwa. Yaro mai wannan shekaru ba ya ƙara kilo shida a wata guda, saboda haka lamba ta biyu sifili ce, kuma an kawar da 16.1 da 16.7. Sauran biyun ba su da sauƙi haka. Ƙarin giram 300 ya fi dacewa da shekarunsa fiye da ƙarin giram 900, amma yaron da ke murmurewa daga rashin lafiya, ko wanda aka auna da tufafinsa, ko aka ɗora a wani sikeli daban, yana iya nuna 10.7. A nan sai a duba yadda mai rubutun ya rubuta 1 da 7 a wasu wurare na shafin, kamar kwanan wata ko lambar kati. Idan duk bakwai ɗinsa a ratse suke, wannan kuwa ba a ratsa ta ba, an sami hujja mai ƙarfi. Idan ba a sami irin wannan ba, to abin da ke hannun mai karatu zato ne kawai, kuma a ganina babban kuskuren da ake yi shi ne a mayar da zato tabbas ta hanyar bin kan lambar da biro a “gyara” ta. Wanda ya yi haka ya shafe shaidar da wani zai iya dubawa daga baya, ya kuma ɓoye cewa an taɓa yin shakka.

Abin da ya dace shi ne a bar lambar yadda take, a kewaye ta da fensir ba tare da taɓa layukanta ba, sannan a rubuta a gefe “10.1 ko 10.7?” tare da kwanan wata da sa hannun wanda ya yi shakkar. Rubuta karatun biyu ya fi alamar tambaya kaɗai amfani, domin yana nuna wa na gaba ainihin lambar da ake tababa a kanta. Idan yaron yana nan, a sake auna shi, wannan ya fi kowace dabara. Idan ba ya nan, a tambayi wanda ya rubuta, kuma a nemi ya faɗi abin da ya rubuta kafin a gaya masa abin da ake zato, don kada ya amsa da “e” kawai. Wajen maimaitawa a faɗi lambobin ɗaya bayan ɗaya: ɗaya, sifili, ɗigo, ɗaya. Da zarar an tabbatar, sai a ja layi ɗaya siriri a kan tsohuwar lambar yadda za a iya karanta ta, a rubuta sahihiyar a gefenta, a sa hannu da kwanan wata. Ba a amfani da farin ruwan goge rubutu a takardar lafiya.

Ba kowace shakka ce take iya jira ba. Idan lambar ta shafi yawan magani, ba a bayarwa sai an tabbatar. Idan lambar sama ta awon hawan jinin mai juna biyu ce aka kasa bambance ko 110 ce ko 170, dukkansu suna yiwuwa, kuma daga 160 zuwa sama hawan jini ne mai tsanani da ke bukatar kulawar gaggawa, don haka a nemo ta a sake aunawa nan take, kada a zaɓi lambar da ta fi kwantar da hankali.

Mai shigar da bayanai a kwamfuta shi ma yana da nasa rabon. Idan ya ci karo da lambar da ba ta fito ba, ya bar gurbin babu komai, ya rubuta karatun biyu a wurin ƙarin bayani, ya ajiye jerin shafi da layin da ke jiran tabbaci. Kada ya sa 0 don cike gurbi, domin na'ura za ta ɗauke shi a matsayin awo na gaskiya ta haɗa shi cikin lissafi.

Masu rubutu kuma su daidaita a kan tsari ɗaya a wurin aikinsu: 1 sanda miƙaƙƙiya, 7 a ratse, 0 a rufe ta a sama, 6 mai dogon wuya da ƙaramin ciki. A sa sifili kafin ɗigo, a rubuta 0.5 maimakon .5, kuma kada a ƙara shi bayan cikakkiyar lamba a takardar magani, domin idan ɗigon 5.0 ya ɓace sai a karanta 50.