Abokina ya yi haɗari da motar da na ara masa: wa zai biya?

Malam, ranar Asabar abokina ya ari motata zai tafi ɗaurin aure Zariya. A Kwanar Dangora ya daki wata Hilus ta baya, wani da ke cikinta ya karye a ƙafa. Yanzu ni mai Hilus ɗin yake ta kira, wai sunana ne a takardu. Ni da nake gida, me ya haɗa ni da biya?

Allah Ya kiyaye gaba, Ya ba wanda ya ji rauni lafiya. A dokar Najeriya, suna a takardar mota shi kaɗai ba ya ɗora wa mutum biyan ɓarnar da wani ya yi. Asalin alhaki yana wuyan wanda ya yi sakacin, wato mai riƙe da sitiyari. Wanda kuwa ya daki mota ta baya, galibi shi ake ɗora wa laifi, domin shi ne bai bar tazarar da zai iya tsayawa ba.

Sai dai kada wannan ya sa ka kashe wa mutumin waya. Kotunanmu suna da wata ƙa'ida da suka gada daga shari'ar Ingila: da zarar an tabbatar mota taka ce, kuma wani ne ke tuƙa ta, to za a fara da zaton yaronka ne ko ɗan aikenka, har sai an ga hujjar da ta nuna ba haka ba ne. Dalilin a fili yake. Wanda aka buge a titi bai san abin da ke tsakaninku ba, lambar mota kawai ya gani. Ku ne kuka san yadda mukulli ya bar hannunka ya koma nasa. Saboda haka lauyan mai Hilus zai haɗa ku duka biyu a ƙara, kai kuma sai ka zo ka nuna cewa tafiyar tasa ce, babu buƙatarka a ciki. Idan da saƙon da ya turo maka yana neman aron, ko katin gayyatar ɗaurin auren, ko wanda yake wurin lokacin da ka miƙa mukullin, ka adana su tun yau. Wanda ya yi shiru ya ƙi zuwa kotu, zaton nan ne zai ci shi.

To akwai abu ɗaya. Da zai tafi na sa masa buhun shinkafa a but, na ce ya biya ta Samaru ya kai wa ƙanwata.

Nan ne maganar take, kuma gara da ka faɗa mini yanzu. Abin da alƙali zai tambaya shi ne: tafiyar wa ake yi? Izini kawai ba ya mayar da mutum wakilinka. Idan ka ce wa aboki "ga mota, Allah Ya kiyaye hanya", ya tafi harkarsa, ba aikenka yake ba. Amma idan ka ɗora masa wani aiki naka, yana tuƙa motar domin ya cika maka shi, to ya zama wakilinka ko da ba ka biya shi ko sisi ba, kuma sakacinsa yana iya hawa kanka.

Akwai wata tsohuwar shari'a ta Ingila a 1953 da ake yawan kafa hujja da ita. Wani mutum ya nemi abokinsa ya tuƙo masa motarsa daga Ingila zuwa Monte Carlo, su haɗu a can su yi hutu tare da ita. Abokin yana da nasa ziyarce-ziyarcen a hanya. Bai ma bar Ingila ba ya yi karo da bas. Kotu ta ce mai motar yana da alhaki, domin tafiyar tana biyan buƙatarsa, ko da rabi da rabi ne da ta abokin. Daga baya babbar kotun ƙasar ta ja layi a wata shari'ar, ta ce bai isa a ce mai mota yana da ɗan amfani a tafiyar ba, sai in akwai aikin da ya wakilta direban ya yi masa.

Buhun shinkafarka ya faɗa tsakanin waɗannan biyun. Lauyan wancan ɓangaren zai ce ai ga aike ƙarara, kaya suna cikin but lokacin da aka yi karon. Naka lauyan zai ce ɗaurin aure ne ya fitar da motar daga gida, da shinkafa da babu ita sai an yi tafiyar, saƙon alfarma ce irin wadda kowa ke yi wa kowa. A ganina hujjarka ta fi ƙarfi idan shi ne ya fara neman aron, saƙon ya biyo baya. Tana raunana idan kai ne ka ce "tun da za ka Zariya, ɗauki motata ka kai mini wannan". Jerin yadda maganar ta gudana tsakaninku yana da nauyi sosai. Kuma ina roƙonka kada ka ɓoye zancen buhun. 'Yan sanda sun buɗe but sun gani, abokinka ma ya ba da nasa bayanin. Ƙarya ɗaya a nan za ta zubar da sauran gaskiyarka.

Akwai kuma wata ƙofar da ba ruwanta da aike, ita ce sakacinka kai da kanka. Idan ka san birki yana shan iska, sai an taka sau biyu yake kamawa, ko tayoyin sun suɗe, ka miƙa mukulli ba ka ce komai ba, to laifinka ne kai tsaye. Haka in ka san ba shi da lasisi, ko bai gama iya tuƙi ba, ko ka gan shi a buge. Shi ya sa rahoton 'yan Bi'ayo kan lafiyar motar yake da muhimmanci gare ka: in ya nuna birki lafiya lau, wannan ƙofar ta rufe.

Ina da inshora, irin wadda ake haɗo mana da takardun mota. Za ta yi wani amfani?

Kafin komai ka tabbatar ta gaske ce. Ka shiga askniid.org ka sa lambar motar. In ba ta fito ba, akwai yiwuwar takarda kawai aka buga maka, kuma mutane da yawa sai ranar haɗari suke gane haka. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin doka ta haramta wa mutum ya hau titi da mota marar inshora, ta kuma haramta masa ya bar wani ya hau da ita. Wato a wannan laifin mai bayar da aro ma yana ciki. Tun 1 ga Fabrairun 2025 'yan sanda suka tsananta binciken wannan takarda.

In ta gaske ce, ita ce babbar garkuwarka. Ƙaramar inshorar dole, wadda ake kira tad-fati, an yi ta ne domin biyan mutumin da motarka ta yi wa ɓarna. Yawancin takardun motar gida suna rufe duk wanda ya tuƙa da izinin mai ita, muddin yana da lasisi. Ka ɗauko taka ka karanta wurin da aka rubuta waɗanda aka yarda su tuƙa, domin wasu suna taƙaitawa ga mutanen da aka ambaci sunayensu. Ka duba sharaɗin amfani ma. Inshorar motar gida ba ta ɗaukar haya, don haka in abokin naka ya tsaya a hanya ya kwashi fasinja da kuɗi don ya rage mai, kamfanin zai sami abin kamawa.

Ga lissafin. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da kuɗin wannan inshora ₦15,000 a shekara ga motar gida, iyakar abin da za ta biya na ɓarnar dukiya kuma naira miliyan 3. A ce gyaran Hilus ya kama miliyan 4 da dubu 200. Kamfani zai biya har miliyan 3, saura miliyan 1 da dubu 200. Wannan ragowar tana kan abokinka. Idan kotu ta ce ɗan aikenka ne, mai Hilus yana da damar ya karɓa a hannun duk wanda ya ga dama a cikinku, kuma mai mota ake fi bi don an san yana da abin sayarwa. In ka biya, kana da haƙƙin ka bi abokinka ya mayar maka. Kuɗin asibitin wanda ya karye lissafinsa daban ne, ba a cikin miliyan 3 ɗin yake ba.

Abin da na fi ganin yana ɓata wa mutane wannan haƙƙi shi ne zaman sulhu na gaggawa. Ana tsaye a harabar ofishin 'yan sanda, rana ta take, dattawa sun sa baki, sai a yago takarda daga littafi a rubuta "na ɗauki nauyin gyara da magani", mai mota ya sa hannu don a sallami kowa. Da wannan layin ka ɗora wa kanka bashin da doka ba lallai ta ɗora maka ba, kuma takardun inshora suna hana amsa laifi ko yin alkawarin biya ba da sanin kamfani ba. Ka je asibiti ka duba mutumin nan, in da hali ka taimaka da kuɗin magani, wannan mutunci ne kuma ina ƙarfafa ka a kai. Amma ka karɓi rasit, ka sanar da kamfanin a rubuce cikin gaggawa, ka haɗa musu rahoton 'yan sanda da hotuna da kwafin lasisin abokinka.

'Yan sanda sun riƙe motar. Ni ma za a iya gurfanar da ni?

Tuƙin ganganci laifin direba ne, ba a ɗaure mai mota a madadinsa. Abin da zai iya taɓa ka shi ne rashin inshora, ko matattun takardu, ko ba marar lasisi mota. Motar kuwa shaida ce, ana riƙe ta har a duba ta a rubuta rahoto, bayan nan kana iya neman a sake maka ita a rubuce.

Tawa motar fa? Gabanta ya lotse gaba ɗaya.

Tad-fati ba ta gyara motar mai ita, sai cikakkiyar inshora. Don haka wannan tsakaninka da abokinka ne, kuma doka da fiƙihu sun haɗu a wuri ɗaya. Malaman Malikiyya sun ce wanda ya ari abin hawa ba ya biya idan ya halaka ba da laifinsa ba, amma yana biya idan ya yi sakaci ko ya wuce iyakar da aka ba shi. Da wata mota ce ta kauce ta same shi yana kan hannunsa, da ba ka bin sa komai, sai dai ku bi wancan. Tun da shi ne ya daki ta gabansa, gyaran yana kansa, sai in an tabbatar birkin ne ya ƙwace kuma bai san da matsalar ba. Ku kai ta wurin makaniki da mai gyaran bodi da kuka yarda da su ku biyu, a rubuta kuɗin, ku tsara biya a gaban shaidu biyu, ko da kaɗan-kaɗan ne duk wata.