Amai ba dalilin hana yaro ruwa ba ne

Iyaye mata don Allah ku saurare ni, abin nan ya ishe ni. Kullum sai an kawo mana yaro ɗan shekara ɗaya da rabi ko biyu, ya kwana yana zawo kamar ruwa, idanu sun zurma, baki ya bushe, ka tambayi uwar me aka ba shi ya sha sai ta ce "ai in na ba shi amayarwa yake, shi ya sa na bari cikin ya huta." Haba baiwar Allah! Ruwa na fita ta sama da ƙasa, ke kuma kin hana a mayar masa? Rashin ruwan nan shi ke kashe yaran.

Na san tausayi ne, ba uwar da ke son ganin ɗanta yana kakarin amai. Amma ko ya amayar ba duka ke fitowa ba, wani yana zama a ciki. Matsalar kofi guda kuke ɗura masa lokaci ɗaya. In ya yi amai ki jira minti 10, sai ki ci gaba da ƙaramin cokali, ɗaya duk bayan minti biyu ko uku, ki rungume shi a cinya ki yi ta yi ko da tsakar dare ne. Duk zawo ɗaya, ɗan ƙasa da shekara biyu ya sha kwata zuwa rabin kofin shayi, wanda ya haura biyu rabi zuwa cikakken kofi. Nono kuma kar ki tsayar, abinci ma haka.

In akwai ORS na leda, wato garin haɗin gishiri da sukari na masu zawo, shi ya fi, a juye leda guda a adadin ruwan da aka rubuta a jikinta. In babu, ki wanke hannu da sabulu, ki samu lita ɗaya na tafasasshen ruwa da ya huce, ko fiya wata leda biyu, ki zuba sukari ƙaramin cokalin shayi 6 da gishiri rabin cokalin, a shafe ba a tula ba. Ki ɗanɗana, kar gishirin ya wuce na hawaye, in ya wuce ki zubar ki sake, gishiri mai yawa cutar da yaro yake. Lemon kwalba kuma ƙara zawon yake. Ruwan haɗin da ya kai awa 24 a zubar. Ki karɓo masa zink, ƙwaya ɗaya kullum, rabin ƙwaya in bai kai wata shida ba, har kwana 10 zuwa 14 ko da zawon ya tsaya.

Amma in komai ya sha sai ya dawo, ko ya kasa sha, ya yi laƙwas, ko akwai jini a kashin, ko zazzaɓi, ko ya wuni ba fitsari, ko kin ja fatar cikinsa ta ƙi komawa da wuri, ki ɗauke shi sai asibiti, kar a jira maigida ya dawo daga kasuwa. A hanyar ma in yana iya haɗiya ki tafi da kofi da cokalinki kina ba shi.